Kafin Ka Tura wa Bakanike Hoton Motar da Ta Yi Haɗari

Yawancin cinikin gyaran mota yau a waya ake fara shi. Mota ta yi karo a hanyar Zariya, mai ita yana Abuja, bakanikensa yana Kano, sai a ɗauki hoto uku ko huɗu a tura ta WhatsApp tare da tambaya guda: nawa zai ci? Haka ma mai sayen mota daga kasuwannin gwanjo na Amurka irin su Copart, wanda bai taɓa sa hannu a jikin motar ba, hotuna kaɗai ya gani kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Bakanike ya duba, ya faɗi kuɗi a dunƙule, a yi na'am. Bayan mako biyu kuɗin ya ninka, zumunci ya fara tsami. Sau da yawa babu wanda ya yi niyyar cuta a cikinsu. Abin da ya faru shi ne an yi ciniki a kan ɓarnar da ba a lissafa ba.

Maganin wannan takarda ce guda, wadda mai mota zai rubuta da kansa yana kallon hotunan: kowane ɓangare da ya lalace, abin da ido ya gani a jikinsa, da irin aikin da ake zaton yana bukata. Ba ya sa farashi, wannan na bakanike ne. Nasa shi ne ya tabbatar cewa duk wanda aka tambaya farashi, a kan abu ɗaya yake magana.

A saman takardar ana fara rubuta wace mota ce. Mu ɗauki Toyota Corolla ƙirar Amurka, ruwan azurfa, wadda aka buga wa kusurwar gaba ta hagu. Cewa "Corolla ce" bai wadatar ba, domin ta 2009 da 2010 bambarsu da fitilunsu sun bambanta da na 2011 zuwa 2013, ko da yake jikin kusan ɗaya ne. Lambar shasi ce ke raba gardama. Tana da harufa da lambobi 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba a gefen direba, kuma na goma a jerin shi ke nuna shekara: idan A ne, motar ta 2010 ce. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai wata takarda da aka manna, inda lambar fenti take bayan harufan C/TR. Ruwan azurfar da aka fi gani a waɗannan motoci 1F7 ne. A ɗauki hoton duka biyun. Sannan a tuna cewa hagu da dama a harkar mota daga kujerar direba ake ƙirga su, ba daga inda mai hoto ya tsaya ba. Mutum yana fuskantar mota, fitilar da ke hannun damansa ita ce ta hagu. Wannan ƙaramin ruɗani ya sa an sha sayo fitilar da ba ita ba daga Ƙofar Ruwa ko Panteka, a koma ana roƙon mai shago ya canza.

Hoton kansa yana iya ɓoye fiye da abin da ya nuna. Mota mai ƙura ba ta nuna karce, jiƙaƙƙiya kuma sheƙin ruwa yana rufe shi. Rana tsaka tana wanke lotsawa daga farar mota ko mai ruwan azurfa har a ga kamar lafiya lau take. A goge motar, a kai ta inuwa da rana, a zagaye ta ana ɗauka daga kowace kusurwa, sannan a matso kusa. Lotsawa ba ta fitowa idan an ɗauke ta gaba da gaba. Sai an tsaya a gefe an kalli jikin a karkace, inda inuwar gini ko ta turken lantarki ke kwance a kan fenti. Duk inda layin inuwar ya karye, ƙarfen ya motsa. Ajiye makulli ko tafin hannu kusa da wurin yana nuna girmansa. Idan da hali a tura hotunan a matsayin fayil, domin WhatsApp yana rage musu kaifi idan an tura su yadda aka saba.

Yanzu ga Corollar tamu. Ana bin ta daga inda bugun ya sauka zuwa inda ƙarfinsa ya ƙare. Bambar gaba roba ce, ta tsage daga ƙarƙashin fitila zuwa bakin taya, kunnenta na hagu ya fita daga mazauninsa. A rubuta: bambar gaba, tsagewa kamar tsawon kamu ɗaya a hagu, maƙalai sun karye, canji. Da karce ne kawai, da fenti ya isa, ƙaramar tsagewa ma ana liƙe ta da zafi. Amma wadda maƙalanta suka tafi ba za ta sake zama daidai ba, kullum tana rataye. Fitilar hagu gilashinta ya fashe, ita ma canji. Ko da gilashin bai fashe ba, a duba ko ta zauna a karkace idan an gwada ta da 'yar'uwarta, domin ƙafafunta na roba da ke ciki su ke fara karyewa.

Fendar hagu, wato ƙarfen da ke saman tayar gaba, ita ce ke bukatar tunani. Idan lotsawa ce mai faɗi marar kaifi, kuma fenti bai fashe ba, mai bugun jiki zai fitar da ita, a rubuta bugu da fenti. Idan kuwa ƙarfen ya naɗe ya yi kaifi, ko naɗin ya bi ta kan layin ado na jikin motar, ko ya kai bakin da aka lanƙwasa, to ƙarfen ya miƙe, ba ya komawa yadda yake. Abin da za a yi shi ne a cika wurin da fila mai kauri, ita kuma fila idan ta wuce 'yan milimita sai ta tsage bayan zafin rana da girgizar hanya sun yi aikinsu. Fendar gaba da kusoshi aka ɗaure ta, kwance ta ba wuya, saboda haka a ra'ayina canji ya fi a irin wannan hali. Da a ce ɓarin baya ne, lissafin ya sauya, domin shi walda aka yi masa da gangar jiki, canza shi sai an yanka, kuma wannan babban aiki ne da ya kamata a rubuta shi da sunansa.

Bonet ya ɗan tashi a kusurwar hagu, bakinsa ya lanƙwashe. Bugu da fenti, tare da duba hinjinsa da makullinsa. Ƙofar direba ba ta lotsa ba, amma fenti ya ɓare a bakinta na gaba, inda fenda ta matso ta goge ta. Wannan fenti kawai ne. Sai dai akwai abin da masu mota ba sa so su ji: fenti mai ƙyalli irin 1F7 ba ya dacewa da tsohon da rana ta daka idan an tsaya a iyakar sabon ƙarfe. Mai fenti na ƙwarai zai ɗan watsa shi zuwa cikin ƙofa don kada ido ya kama bambanci. Gara a tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da wannan.

Zuwa nan muna da rukuni uku: canji, bugu da fenti, fenti kawai. Na huɗu shi ne wanda ya fi su nauyi, kuma shi ake mantawa: a buɗe a duba. A nan ake rubuta abin da hoto bai nuna ba amma ya nuna alamarsa.

Alama ta farko ita ce ratar da ke tsakanin ɓangarori. A mota lafiyayya, ratar da ke tsakanin bonet da fenda, ko fenda da ƙofa, siririya ce kuma daidai take daga sama har ƙasa. A ajiye hoton hagu da na dama kusa da juna. Idan a gefen dama, wanda ba a taɓa ba, ratar ta buɗe ko ta matse, to bugun ya ture dukan gaban motar gefe guda, kuma maganar ta kai ga shasi. Alama ta biyu taya ce. A daidaita sitiyari a ɗauki hoton tayoyin gaba biyu daga gefe. Idan ta hagu ta ja baya kusa da ƙofa fiye da ta dama, ko samanta ya karkata ciki, wani abu a ƙafar motar ya lanƙwashe, ko hannun ƙasa, ko shokozoba, ko tayarod. Hoto ba zai faɗi wanne ba, don haka kada a rubuta "a canza shokozoba". A rubuta abin da aka gani: tayar hagu ta ja baya, a ɗaga mota a duba.

Sai ƙasa. Jiƙa a ƙarƙashin hancin mota tana da launi, launin kuma bayani ne. Ruwan lagireton Toyota na asali ruwan hoda ne ko ja-ja, baƙin mai baƙi ne ko ruwan ƙasa. A bayan bamba akwai ƙarfe na kwance da ke karɓar bugu, bayansa kwandensar na'urar sanyaya mota, bayanta lagireto, dukansu a jere kusa da juna. Bugun da ya tsaga bamba ya fasa fitila yana iya kaiwa gare su ba tare da an gani daga waje ba. A wannan Corolla batir ma a bayan fitilar hagu yake, akwatin fis ba nisa da shi, don haka su ma su shiga layin dubawa, tare da hoton cikin bonet daga ɓangarorin biyu.

Cikin mota ma a leƙa. Idan jakar iskar sitiyari ta fashe, ba ita kaɗai ce asarar ba. Bel ɗin kujera yakan ƙulle a lokaci guda, na'urar da ke ba su umarni ita ma tana bukatar canji ko gyara. Ina roƙon mai karatu kada ya yarda a ɗinke murfin sitiyari a kashe fitilar gargaɗi a ce an gama. Motar za ta yi kyau a ido, amma ranar da aka bukaci jakar babu ita. Idan injin yana tashi, a ɗauki hoton allon gaban direba yana aiki, a ga fitilun da suka ƙi mutuwa.

Tsohuwar ɓarna a ware ta daban. Karcen da ya yi tsatsa ba na jiya ba ne, kuma idan kamfanin inshora ko wanda ya buge ka ne zai biya, cakuɗa tsoho da sabo yana ɓata maganar gaba ɗaya.

Da takardar ta kammala, sai a tura ta tare da hotunan, kowane layi da lambar hotonsa, a nemi bakanike ya raba farashi uku: kuɗin kaya, kuɗin aiki, kuɗin fenti. A kan kaya kuma ya faɗi irinsu, sabo na kamfani ne, ko na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, ko sabon kwaikwayo mai araha, domin fitila ɗaya tana iya samun farashi uku a layi ɗaya na kasuwa. A rukuni na huɗu ba a neman farashin gyara, ana neman kuɗin kwancewa da dubawa ne, da alkawarin cewa zai kira kafin ya sayi komai. Idan ya ce, "Alhaji, wannan sai na buɗe na gani," gaskiya ya faɗa. Wanda ya yanke kuɗin shasi da ƙafa daga hoto kaɗai, ko dai ya sa kuɗin da ya wuce ƙima don ya kare kansa, ko kuma zai dawo neman ƙari bayan motar ta riga ta zama a warwatse a garejinsa.