Haɗarin da Aka Rubuta Aka Ajiye: Yadda Ake Ɗaure Shi da Aiki a Ginin Manhajar Waya

A kusan kowane aikin gina manhajar waya akwai wani jadawali da ake cikewa a makon farko, lokacin da kowa ke da zumuɗi. Ana kiransa rajistar haɗari. A ciki ake jera abubuwan da za su iya ɓata aikin, da yiwuwar aukuwarsu, da girman ɓarnar da za su yi. Sai a shafa wa wasu layuka ja, wasu rawaya, a nuna wa mai kuɗin aikin, ya gyaɗa kai, a rufe. Su kuwa ma'aikatan, kullum da safe wani allo daban suke buɗewa, irin su Jira ko Trello, inda katunan ayyukansu suke. Abin da ba ya kan wannan allon, a wurinsu babu shi. Shi ya sa ranar da abu ya lalace, sau da yawa za ka tarar an rubuta shi tun farko a layi na bakwai ko na takwas, amma babu wanda ya taɓa ɗaga yatsa a kai.

Maganin ba ƙara yawan layuka ba ne. Kowane haɗari mai nauyi ana so ya samu abu uku: mutum ɗaya mai alhakinsa, ƙararrawa wadda kowa zai iya gane ta kaɗa, da katin aiki a kan allon da ake dubawa kullum. Manhajar waya ta fi buƙatar wannan fiye da shafin intanet, saboda dalili biyu. Ƙofar kasuwar ba a hannunka take ba, tana hannun Google da Apple. Sannan abin da ya riga ya sauka a wayar mutane ba ka da ikon janyo shi.

Mu ɗauki misali. A ce mutum huɗu ne ke gina manhajar odar kaya ta Android, kuma sun yi wa mai aikin alkawarin fitowa ranar 30 ga Yuni. Asusun da za su ɗora manhajar a Google Play na ɗaya daga cikinsu ne, asusun ƙashin kai, sabon buɗewa. To akwai ƙa'ida a kan irin wannan asusu idan an buɗe shi bayan 13 ga Nuwamba 2023: kafin a bar ka ka saki manhaja ga jama'a, sai ka yi rufaffen gwaji da wasu adadin mutane, waɗanda suka shiga suka zauna kwana 14 a jere. Da farko mutum 20 ake nema, a ƙarshen 2024 aka rage zuwa 12. Bayan kwanakin sun cika sai ka nemi izini, Google ya duba, abin da yakan ɗauki har mako guda. Ita kanta manhajar ma sai an duba ta, kuma ga sabon asusu gara a ware mata wani makon.

A rajistar da aka saba gani, ga yadda za a rubuta wannan: "Jinkiri daga Google Play. Yiwuwa: matsakaici. Mai alhaki: ƙungiya. Mataki: a sa ido." Babu ƙarya a ciki, amma babu abin da wani zai tashi ya yi gobe da safe saboda shi. Gyaran farko shi ne a rubuta haɗarin da sanadinsa da sakamakonsa a jimla ɗaya: tunda asusun sabo ne, idan masu gwaji ba su kai 12 ba, ko wasu suka fice a tsakiya, izini zai makara, ranar 30 ga Yuni ta kuɓuce. Da zarar an faɗe shi haka, ayyukan da ke cikinsa sun fara bayyana da kansu.

Daga nan sai lissafi, kuma da baya ake yin sa. Kwana 14 na gwaji, bakwai na neman izini, bakwai na duba manhaja, sun zama 28. Cire su daga 30 ga Yuni, ka sauka a 2 ga Yuni. Wannan ita ce rana ta ƙarshe da gwaji zai iya farawa idan komai ya tafi sumul. Amma Google na iya cewa gwajin bai gamsar ba, a ƙara. Sai a ware wasu kwana 14, ranar farawa ta koma 19 ga Mayu. Yanzu ƙararrawa ta samu wurin zama. Ba za a ce "idan muka ga alamar jinkiri" ba, domin jinkiri ba ya sallama. Za a ce idan ranar 22 ga Mayu ta yi, waɗanda suka shiga gwajin ba su kai 16 ba, ƙararrawa ta kaɗa. An sa 16 maimakon 12 ne don kowa ya san halin mutane: wani zai canza waya, wani zai fice bai sani ba, wani kuma ya ce "to, in sha Allah" bai taɓa danna mahaɗin ba. Nan ma akwai tarko, domin sanya adireshin imel na mutum a jerin masu gwaji ba shi ne shigarsa ba. Lambar da Play Console ke nunawa ita ce abin ƙirgawa, ba jerin sunayen da ke cikin zauren WhatsApp ba.

Ga yadda layin zai koma:

```
R-07  Masu gwaji ba su cika 12 ba na kwana 14
Mai alhaki:  jagorar gwaji
Rigakafi:    APP-41 (tara mutum 20), APP-42 (ɗora sigar gwaji)
Ƙararrawa:   ƙasa da 16 ranar 22 ga Mayu, ko ƙasa da 14 daga baya
In ta kaɗa:  APP-43 (kira jerin ko-ta-kwana), APP-44 (sanar da mai aiki)
```

Lura da cewa katunan iri biyu ne. APP-41 da APP-42 ayyukan rigakafi ne, ana saka su cikin aikin mako kamar kowane aiki, da ranar gamawa da wanda zai yi. APP-43 da APP-44 kuwa an rubuta su tsaf, an sa musu suna, amma an ajiye su gefe, ba a taɓa su sai ƙararrawa ta kaɗa. Amfanin rubuta su tun yanzu shi ne, ranar da hankali ya tashi ba ranar zaman tunani ba ce. A Jira ana iya buɗe wa haɗarin kansa kati, a haɗa shi da sauran. Aikin tara masu gwaji a haɗa shi da katin sakin manhaja da `blocks`, yadda duk wanda ya buɗe katin saki zai ga `is blocked by` a gabansa. Mahaɗin `relates to` ba ya nuna wa ke jiran wa, don haka ba ya tayar wa kowa da hankali. Inda babu Jira, jadawali ma ya isa, muddin lambar haɗarin na kan katin, lambar katin kuma na kan layin haɗarin.

Batun mai alhaki shi ne inda aka fi yin kara, karar kuma ta yi ɓarna. Ana rubuta "ƙungiya" don kada a ɗora wa wani nauyi, ko a rubuta sunan shugaba a kowane layi don girmamawa. Duk biyun ma'anarsu babu kowa. Tsarin PRINCE2 ya raba abin gida biyu, kuma rabon yana da amfani: akwai mai alhakin haɗarin, wanda ke lura da shi, akwai kuma wanda aka ba wani takamaiman mataki ya aiwatar. A misalinmu jagorar gwaji ce ke buɗe Play Console kowace safiya ta ga lamba, ko da kuwa mai rubuta manhajar ne zai ɗora sigar gwajin. Sharaɗi biyu ne ga mai alhaki: ya kasance yana iya ganin alamar da idonsa, kuma yana da ikon cewa a motsa ba sai ya jira taron ranar Litinin ba. Wanda ba shi da izinin shiga Play Console bai dace da R-07 ba, komai girman muƙaminsa.

Wani zai ce ai akwai hanyar kaucewa, tunda ƙa'idar gwajin ba ta shafi asusun kamfani ba. Haka ne. Sai dai asusun kamfani na buƙatar lambar D-U-N-S, wadda samunta na iya cin kwana 30. Idan an ajiye wannan a matsayin mafita ta ranar 22 ga Mayu, an fafe gora ranar tafiya. Kowace mafita tana da nata tsawon lokacin, kuma ƙararrawarta dole ta riga ta da aƙalla wannan tsawon. Shawarar komawa asusun kamfani ta watan Afrilu ce, don haka katinta daban, ranarta daban.

Ba kowace ƙararrawa ce rana ba. Wata lamba ce. Bayan manhaja ta fito, kowane sabuntawa na ɗauke da haɗarin ta riƙa mutuwa a hannun mutane. Google Play na ba da damar sakin sabuwar siga kaɗan-kaɗan, a ce kashi 5 cikin 100 na masu amfani da farko, kuma ana iya tsayar da ita. Google na ɗaukar manhaja a matsayin mai matsala idan kashi 1.09 cikin 100 na masu amfani da ita a rana suka gamu da mutuwarta, ko kashi 8 a kan samfurin waya guda, abin da kan rage yadda ake nuna ta a kasuwar. Ƙungiya mai hankali ba ta sa ƙararrawarta a kan wannan layin. Sai ta sa a ƙasa da shi, misali a rabinsa, kuma ta duba waya-waya. Matsakaicin lissafi na iya yin kyau alhali manhajar na mutuwa a kan ƙaramar itel mai ƙarancin ƙwaƙwalwa, wadda ita ce a hannun yawancin kwastomomin.

Iyakar tsayarwa ita ce, waɗanda suka riga suka sauke gurɓatacciyar sigar suna nan da ita har sai an fitar da gyara mai sabuwar lamba, shi ma ya bi layin dubawa. Saboda haka matakin gaggawa na gaskiya shi ne makunnin da ake kashe sabon sashe da shi daga nesa, ta hanyar abu irin Firebase Remote Config. Wannan makunnin kuwa sai an gina shi kafin a saki sigar. Ma'ana, rajistar ta haifar da aikin rubuta manhaja na kwana ɗaya ko biyu, wanda dole ya yi gogayya da sauran ayyuka wajen samun gurbi, kuma shi ne farkon abin da ake yankewa idan lokaci ya ƙure. Mahaɗin `blocks` ne ke sa a yanke shi ido buɗe.

Ana gane rajista ta mutu ta hanyoyi masu sauƙi. Buɗe jan layi ka nemi lambar kati. In babu, ba a yin komai. Tambayi mai alhaki lambar da ya gani jiya. In ya fara lalube, ba ya dubawa. Sai kuskuren da ya fi ɓuya, wato rufe haɗari saboda an rufe katinsa. An gama APP-41, mutum 20 sun amsa, kati ya koma kore. Amma R-07 na nan da ransa, domin mutane na iya zarewa a rana ta tara. Ba a rufe shi sai ranar da Play Console ya nuna an ba da izinin saki, kuma jagorar gwaji ce ke rufe shi, ta rubuta kwanan wata da adadin da suka rage a gwajin.