Sarƙe-haƙora: dafin da ke cire wa tsoka birki, da dalilin maimaita allura

Cutar sarƙe-haƙora, wadda ma'aikatan asibiti ke kira tatanas, tana cikin cututtukan da manomi ya fi kowa kusanci da su, domin ƙwayar da ke haddasa ta tana zaune ne a cikin ƙasa da kashin dabbobi, musamman na doki da saniya da tumaki da kaji, wato ainihin takin gargajiyar da ake kwasa daga turke da garke a kai gonakin Rogo Ruma da sauran ƙauyukan Rogo da Ƙaraye kafin faɗuwar damina. Ƙwayar, wadda masana ke kira Kulostiridiyam tetani, tana da wata dabara ta rayuwa: idan yanayi bai yi mata daɗi ba sai ta dunƙule cikin wani ƙoƙo mai tauri, ta yi shekaru a ƙasa ba tare da zafin rana ko bushewar hunturu sun kashe ta ba. Ba ta farfaɗowa sai ta sami wurin da iska ba ta shiga, kuma babu wurin da ya fi dacewa da ita kamar rauni mai zurfi da ƙaramin baki, irin na sukar ƙaya ko ƙusa ko tushiyar karan dawa da aka sare a karkace, ko kuma raunin da naman cikinsa ya mutu. Daga nan ake gane cewa tsatsar da jama'a ke ɗora wa laifi ba ita ce ke kawo cutar ba. Ƙusa mai tsatsa tana da haɗari ne saboda ta daɗe kwance a ƙasa kuma tana huda nama da zurfi, alhali ƙayar bagaruwa da ba ta san tsatsa ba tana iya yin ɓarna iri ɗaya.

Ƙwayar kanta ba ta yawo a jiki, tana nan a cikin raunin da ta shiga, wanda sau da yawa ma ya rufe har mai shi ya manta da shi. Abin da ke tafiya shi ne dafin da take fitarwa, mai suna tetanosifasmin, wanda ke cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani, har an ƙiyasta cewa abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba ya isa ya kashe babban mutum. Dafin yana kama bakin jijiyar saƙo da ke kai umarni ga tsoka, ya bi cikinta a hankali yana hawa har ya isa lakar gadon baya da gindin ƙwaƙwalwa. A can akwai wasu ƙananan jijiyoyi da aikinsu shi ne hana tsoka motsin da ba a buƙata, ta yadda idan mutum ya lanƙwasa hannu, tsokar gaba za ta ɗaure yayin da ta baya za ta saki. Suna yin wannan aiki ne ta hanyar sakin wasu sinadarai biyu, GABA da gilaisin, kuma dafin yana datse wani furotin mai suna sinaftoburebin wanda sai da shi sinadaran ke iya fita. Sakamakon ya yi kama da babur ɗin da aka tsinke wa birki alhali totur na a murɗe: umarnin ɗaurewa yana ta zuwa, babu mai tsayar da shi, sai tsokoki masu adawa da juna su ɗaure a lokaci guda.

Wannan ne ya bayyana yadda alamomin ke jeruwa. Jijiyoyin muƙamuƙi da fuska gajeru ne, saboda haka dafin ya fi saurin kai wa ƙarshensu, shi ya sa alamar farko ita ce mutum ya kasa buɗe baki sosai, tauna da haɗiya su yi masa wuya, fuskarsa ta ja kamar mai murmushin dole. Daga nan wuya ya sandare, ciki ya yi tauri kamar allo, sannan a fara fizga mai tsananin ciwo wadda ke gantsare bayan majiyyaci har ya zama ƙeya da dugadugai ne kawai ke taɓa shimfiɗa. Ƙara kaɗan, ko haske, ko taɓawa, suna iya tayar da fizgar, kuma a duk tsawon wannan azaba hankalin majiyyaci yana nan garau. Wannan yana taimakawa wajen rarrabe ta da sanƙarau, wanda shi ma ke sandarar da wuya amma yakan zo da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da gushewar hankali tun da wuri, haka kuma yana rarrabe ta da farfaɗiya da abin da akan danganta ga iska. Ajali yakan zo ne idan fizgar ta kama maƙogwaro da tsokokin numfashi, ko kuma bugun zuciya da hawan jini suka rikice.

Tsakanin rauni da alamar farko akan sami kwana 3 zuwa 21, galibi wajen mako guda ko kwana 10, kuma likitoci sun lura cewa idan tazarar ta gaza mako guda, ko fizga ta biyo bayan sarƙewar baki cikin ƙasa da awa 48, to cutar za ta yi tsanani. Babban abin da ya kamata a fahimta shi ne cewa dafin da ya riga ya shiga jijiya babu maganin da ke fito da shi. Abin da asibiti ke iya yi shi ne kashe dafin da bai kai ga shiga ba, da wanke raunin a yanke mataccen nama, da ba da metronidazol don kashe ƙwayar, da kwantar da fizga da diyazefam, da ajiye majiyyaci a ɗaki mai duhu mara hayaniya, har jijiyoyin su gyara kansu cikin mako 4 zuwa 6. Mai tsanani yana buƙatar injin numfashi, abin da sai a manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ake samu, kuma tafiya ce mai nisa da tsada ga iyalin da ke Rogo.

Idan aka ɗauki misalin manomi ɗan shekara 40 da fartanya ta sare shi a ɗan yatsan ƙafa yana noman masara a gonar da aka zuba wa taki, to abin da za a yi a awannin farko shi ne mafi muhimmanci. Za a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa ana kwarara shi cikin raunin na tsawon mintuna, a cire duk ƙasa da tsakuwa da ɓurɓushin kara, sannan a rufe da bandeji mai tsabta ba tare da an matse shi tamau ba. Cusa ƙasa ko toka ko kashin shanu ko baƙin mai don tsayar da jini, wanda har yanzu ake gani a gonaki, zuba ƙwayar ne kai tsaye cikin wurin da take nema. Ɗinke rauni mai datti nan take shi ma kuskure ne, domin yana toshe iska. Ma'aikacin lafiya da ya san aikinsa yakan bar irin wannan a buɗe na 'yan kwanaki. Bayan wanki sai a tafi asibiti a ranar, inda tambayar farko za ta kasance: sau nawa aka taɓa yi masa allurar tatanas, kuma yaushe ne ta ƙarshe?

A nan ne ake yawan ruɗewa, domin allurai iri biyu ne jama'a ke kira da suna ɗaya. Ta farko ita ce ta rigakafi, wadda ake rubutawa TT ko Td a kati, kuma dafi ne da aka kashe wa kaifi don jiki ya koyi yin garkuwa da kansa. Tana daɗewa tana aiki, amma ga wanda bai taɓa karɓa ba, sai bayan allura ta biyu kariyar ke samuwa. Ta biyu ita ce garkuwar aro, wato ATS da ake haɗawa daga jinin doki ko TIG daga jinin mutane, wadda ke aiki nan take amma ta ƙare cikin 'yan makonni, kuma ta dokin tana iya jawo borin jini mai haɗari, shi ya sa ba a yin ta sai a inda za a iya ceton mutum. Idan manomin nan ya taɓa karɓar allurar rigakafi uku ko fiye kuma ta ƙarshe ba ta wuce shekara 5 ba, wanki ya wadatar. Idan ta wuce shekara 5, za a ƙara masa Td guda, domin raunin mai datti ne. Da ƙaramin yanka ne mai tsabta, iyakar ita ce shekara 10. Idan kuwa bai san ko an taɓa yi masa ba, wanda shi ne halin yawancin magidanta a karkara, to yana buƙatar duka biyun a gaɓoɓi daban-daban, sannan ya dawo bayan mako 4, ya sake dawowa bayan wata 6. Allura guda da aka yi a kemis aka tafi gida ba ta ba irin wannan mutum kariyar da yake zato.

Dalilin maimaitawa yana da rassa da suka keɓanta da wannan cuta. Garkuwar da allura ke samarwa tana raguwa a jini da tafiyar shekaru, kuma dafin yana iya isa jijiya kafin jiki ya tuna ya sake haɗa sabuwa, don haka dole ta kasance tana nan a shirye tun kafin rauni. Sannan dafin da ke kwantar da mutum ya yi ƙanƙanta da jiki zai koyi wani abu daga gare shi, shi ya sa wanda ya warke daga sarƙe-haƙora yana iya sake kamuwa, kuma ake fara masa rigakafi tun kafin a sallame shi. Bugu da ƙari, cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, saboda haka allurar maƙwabta ba ta kare kowa kamar yadda take yi a ƙyanda, kuma ba za a iya kawar da ƙwayar daga ƙasa ba.

A tsarin Nijeriya, jariri yana samun kariyar a cikin allurar Penta a mako na 6 da na 10 da na 14, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar ƙarin uku: tsakanin wata 12 zuwa 23, da shekara 4 zuwa 7, da shekara 9 zuwa 15. Mata kuwa ana ba su Td sau biyar ta hanyar awon ciki: ta biyu bayan mako 4 tana karewa kamar shekara 3, ta uku bayan wata 6 tana kai wa shekara 5, ta huɗu bayan shekara guda tana kai wa 10, ta biyar bayan wata shekarar tana rufe shekarun haihuwa. Garkuwar uwa tana ratsa mabiyiya ta kare jariri daga tatanas ɗin cibiya, wanda ke shiga ta tsohuwar reza ko abin da aka shafa wa cibiyar, ya bayyana galibi a kusa da ranar suna, inda jaririn da ke tsotso lafiya zai kasa kama nono ya sandare. Da wannan tsari da haihuwa mai tsabta aka rage mutuwar jarirai daga cutar a duniya daga kimanin 787,000 a 1988 zuwa kimanin 25,000 a 2018, kuma a yau kilohegzidin ne kaɗai ake son a shafa wa cibiya.

Tsarin dai ya bar giɓi a wajen maza, domin babu wani abu kamar awon ciki da ke mayar da namiji asibiti bayan yarinta, alhali shi ne ya fi yini da fartanya da lauje da adda da babur, abin da ya sa manyan da ake kwantarwa da wannan cuta a asibitocin Nijeriya suka fi yawa a maza. Akwai kuma ƙofofin da ba a cika lura da su ba, kamar kunne mai zubar da mugunya a yara, da gyambon da ya daɗe, da askar wanzami wajen kaciya ko cire beli ko tsaga idan ba a tsabtace ta ba, da allurar da aka yi da sirinji mara tsabta. A wasu majiyyatan ma ba a gano raunin ko kaɗan, shi ya sa likita ke tabbatar da cutar daga alamominta, ba ya jiran gwajin jini ko ganin tabo kafin ya fara magani.