Me Ya Sa Turakun Lantarki Ke Karkacewa a Bidiyon Waya?

Duk wanda ya taɓa ɗaukar sukuwar dawaki da waya, ko a Hawan Daushe na Kano ko a filin sukuwar garinsu, ya san wannan abu. A fili komai tsaye yake cak, amma da ka kunna bidiyon sai ka ga turken lantarki ya jingina gefe, katanga ta karkace. Idan kuma a kan babur aka yi ɗaukar, hoton gaba ɗaya yakan riƙa motsi yana lanƙwashewa. Da yawa sukan ɗora laifin a kan rawar hannu ko arhar waya. Hannu yana da nasa kason, amma tushen matsalar yana cikin yadda kyamarar ke karanta hoto.

A bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti mai karɓar haske, wato sensa. Sensar waya ba ta ɗaukar hoto duka a lokaci guda. Layi-layi take karantawa, daga sama har ƙasa, kuma wannan karatu yana cin lokaci. Masu sana'ar ɗaukar hoto suna kiran tsarin rolin shota. Ka tuna injin fotokwafi: idan ka ja takarda yayin da fitilar ke wucewa, rubutun zai fito a karkace, domin saman takardar da ƙasanta ba a wuri ɗaya fitilar ta same su ba. Haka waya ke yi wa duk abin da ya motsa kafin ta gama karatu.

Mu ɗauki misali mu lissafa. A ce sensar wayarka tana buƙatar kashi 1 bisa 50 na sakan kafin ta karanta hoto ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Doki ya taho a guje, ka bi shi da waya, har faɗin allon gaba ɗaya ya wuce cikin rabin sakan. Faɗin bidiyon 1080p ɗigo 1920 ne, ke nan a sakan ɗaya ɗigo 3840 ke wucewa. Raba wannan gida 50, za ka samu kusan ɗigo 77. Turken da ya cika allo daga sama zuwa ƙasa, gindinsa zai goce daga kansa da ɗigo 77, karkatar kusan digiri 4, wadda ido ke kamawa nan take. Abin lura shi ne dokin da kake bi zai fito lafiya, tunda a cikin allon kusan wuri ɗaya yake. Turaku, ƙofofi da katangar da ke bayansa su ne za su kwanta.

Daga wannan lissafi magani ke fitowa, kuma hanya biyu ce: ko a rage saurin wucewar abu a allo, ko a rage lokacin karatun sensa.

Ta farkon tana hannun mai ɗauka. Zuƙo hoto shi ne babban abin da ke ɓata aiki, domin idan ka zuƙo ninki 3, juyin hannu iri ɗaya zai haifar da karkata ninki 3 a allo. Gara ka bar kyamarar a kan 1x, ko 0.5x idan wayar na da shi. Sannan wurin tsayawa ya fi komai tasiri. Wanda ya tsaya daf da hanya dawaki na gilma shi, dole ya fizgi waya da sauri. Wanda ya ja baya, ko ya tsaya a kusurwar da dawakin ke tunkaro shi, da ƙyar zai juya hannu. A ganina wannan shawara ta fi duk wata manhaja amfani, kuma ba ta cin ko sisi. In juyawa ta zama dole, ka manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ka juya daga ƙugu a hankali.

Ta biyun tana cikin saitin kyamara. A yawancin wayoyi, 4K ya fi 1080p jinkirin karantawa, saboda layukan sun fi yawa. Haka kuma idan ka zaɓi 60 fps, wato hoto 60 a sakan, sensar ba ta da damar wuce kashi 1 bisa 60 na sakan a kan kowane hoto, alhali a 30 fps tana iya jan ƙafa har ninkin haka. Don haka ranar sukuwa ko wasan ƙwallo, 1080p a kan 60 fps ya fi dacewa da 4K a kan 30 fps. Wayoyi sun bambanta, saboda haka ka gwada taka: tsaya gaban turke, ka kaɗa wayar hagu da dama da sauri iri ɗaya a kowane saiti, sannan ka tsayar da bidiyon ka kwatanta karkatar.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, cewa ƙara saurin shota a manhajar kyamara yana gyara matsalar. Ba ya gyarawa. Saurin shota yana rage dishi-dishin motsi ne kawai, lokacin karatun sensa kuwa yana nan yadda yake. Turken zai fito tar, amma a karkace.

Lanƙwashewar da ake gani a kan babur ko Keke Napep kuwa daga girgizar inji take. Wayar na karkarwa sau da yawa kafin a gama karanta hoto ɗaya, sai wasu layuka su goce hagu, wasu dama. Tsananin rana yana ƙara fito da ita, domin kyamarar na gajarta shota da kanta, kowace gocewa ta fito ƙarara. Mafi munin abin da za ka yi shi ne ɗaure waya kai tsaye a kan ƙarfen kan babur. Kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata na'urar daidaita hoto da ke cikin kyamarar iPhone. Jikin mutum yana shanye girgiza, don haka fasinja ya riƙe wayar a hannu, kada gwiwarsa ta taɓa ƙarfe. In dole sai an ɗaure, a nemi mariƙi mai roba a tsakani.

Wasu wayoyin suna da saiti na musamman, irin su Super Steady a Samsung da Action mode a yawancin iPhone 14 zuwa sama. Suna amfani da na'urar auna juyi da ke cikin wayar su miƙe layukan da suka goce. Suna taimakawa sosai, sai dai suna yanke gefen hoto kuma suna son haske, bayan magariba ba sa kyau. Ka kuma sani motsin wayar kaɗai suke iya gyarawa. Fukafukan fanka da suka lanƙwashe, ko motar da ta gilma a guje waya na tsaye, haka za su zauna.

Idan an riga an ɗauka, akwai Rolling Shutter Repair a cikin Adobe Premiere Pro. Yana miƙe karkatar da ta zo daga juyawa gefe guda, amma girgizar inji ta fi ƙarfinsa sau da yawa. Kuma idan ka bi doki da waya, miƙe turakun baya na iya karkatar da dokin da a da yake daidai. Saboda haka kafin sallah mai zuwa, ka yi gwajin turken nan a ƙofar gida, ka san saitin da wayarka ta fi ƙwari a kai, sannan ka je filin hawa da wuri ka kama wurin da dawaki za su tunkaro ka.