Inshorar da ake tallata ta a matsayin jari: Lissafin da ya kamata matasan magidanta su yi kafin su sa hannu

A ofisoshi da bankuna a Najeriya, dillalan inshora kan tallata wa matasan magidanta wani tsari mai daɗin ji: ka riƙa biyan kuɗi duk wata na shekara goma ko goma sha biyar, idan wa'adi ya cika a ba ka dunƙulallen kuɗi na karatun yara, idan kuma ajali ya riga wa'adin a biya iyalinka. Akwai wata hanyar da ba a cika tallata ta ba, wato mutum ya sayi inshorar rai zalla ta wani wa'adi, sannan ya zuba ragowar kuɗinsa a jari daban.

Ina kuɗin suke tafiya?

A tsarin haɗaka, kuɗin da kake biya kashi uku ake raba shi. Kashi ɗaya na kariya ne, wato abin da kamfani zai biya iyalan waɗanda suka rasu. Na biyu na kamashon dillali da hidimar kamfani ne, kuma an fi cire shi a shekarun farko. Abin da ya rage shi ne ake juya maka. Takardar talla ba ta cika nuna wannan rabo ba.

Inshorar wa'adi kuwa kariya kawai take sayarwa. Idan mutum ya rasu a cikin wa'adin, a biya magadansa. Idan ya wuce wa'adin da ransa, ba a mayar masa da ko kwabo, kamar yadda ba ka karɓar albashin maigadi don ba a yi sata ba. Shi ya sa take da araha, musamman ga matashi mai ƙoshin lafiya.

Naira 30,000 a wata, hanya biyu

Mu ɗauki misalin magidanci mai shekara 32 da mata da yara biyu, wanda zai iya ware naira 30,000 duk wata na tsawon shekara 15. Jimillar abin da zai biya naira miliyan 5.4 ke nan. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, domin farashi ya danganta da kamfani da shekarun mutum da lafiyarsa.

A hanya ta farko ya miƙa kuɗin duka ga tsarin haɗaka. A ce an yi masa alkawarin miliyan 5.4 idan ya rasu, da kuma miliyan 7 har da garaɓasa idan wa'adi ya cika. Ƙarin miliyan 1.6 ya yi kama da riba mai tsoka, amma idan aka baje shi a kan shekara 15, bai kai kashi 4 cikin ɗari a shekara ba.

A hanya ta biyu, a ce ya sayi kariyar miliyan 10 a kan naira 5,000 a wata, ya riƙa zuba 25,000 a jari. Idan jarin na kawo kashi 10 cikin ɗari a shekara, kuma yana mayar da ribar ciki, zai tara kusan miliyan 9.5.

To, idan ya rasu a ƙarshen shekara ta uku fa? A hanya ta farko matarsa da 'ya'yansa za su karɓi miliyan 5.4 da ɗan abin da ya taru na garaɓasa. A ta biyu za su karɓi miliyan 10 daga kamfanin inshora, ga kuma kusan miliyan ɗaya da ya riga ya tara. A daidai lokacin da yara suke ƙanana, ajiya kuma ba ta yi kauri ba, iyalin sun samu kusan ninki biyu.

Idan biyan ya gagara

Cikin shekara 15 ana iya rasa aiki, ko kasuwa ta tsaya, ko rashin lafiya ya cinye albashi. Wanda ya daina biyan tsarin haɗaka a shekara ta farko ko ta biyu sau da yawa abin da ake mayar masa bai kai abin da ya zuba ba, wani lokaci ma ba ya samun komai, saboda an riga an cire kamasho da kuɗin hidima. Kariyar ma tana iya tsayawa.

Wanda ya raba biyu, idan ta matse shi, sai ya dakatar da zuba 25,000 ɗin, ya ci gaba da biyan 5,000 don kariyar iyali ta ɗore. Abin da ya tara yana nan da sunansa.

Sai kuma hauhawar farashi, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Ko da a ce kashi 15 ne kawai duk shekara, miliyan 7 na shekara 15 masu zuwa ba za su sayi fiye da abin da naira 860,000 ke saye yau ba. Wannan zaizayar ta shafi hanyoyin biyu, sai dai mai jari a hannunsa yana iya mayar da kuɗinsa inda riba ta fi, shi kuwa mai tsarin haɗaka yana ɗaure da adadin da aka rubuta tun ranar farko.

Inda raba biyun ke da rauni

Kashi 10 ɗin nan ba alkawari ba ne. Jari yana hawa yana sauka, na hannayen jari ma yana iya cin uwar kuɗi. Babbar matsalar kuma ita ce hannu: kuɗin da ke kusa biki da suna da buƙatun dangi na iya lashe su. Ga wanda ya san ba ya iya riƙe kuɗi, tilascin da ke cikin tsarin haɗaka yana da amfani, amma ya san cewa tilascin yake saye, kuma da tsada.

Wuraren zuba ƙananan kuɗi akwai su. Takardun ajiya na gwamnatin tarayya da Ofishin Kula da Basussuka ya fara sayarwa a 2017 ana shigarsu da naira 5,000, na shekara biyu ko uku. Mai gudun kuɗin ruwa yana da Sukuk na gwamnati, wanda shi ma aka fara a 2017, da asusun jari na haɗin gwiwa masu bin tsarin Musulunci.

Takaful na iyali ma bai fita daga wannan lissafin ba. A can ana raba gudummawar mutum zuwa asusun taimakon juna da asusun jarinsa, kamfani kuma ya ɗauki ladan wakilci. Don haka tambayar ɗaya ce: nawa ke shiga kowane asusu?

Abin da za ka nema a rubuce

Kafin ka sa hannu, nemi dillali ya rubuta maka adadin da iyalinka za su karɓa idan ka rasu baɗi, ka gwada shi da kuɗin haya da abinci da makaranta na 'yan shekaru. Ya ba ka jadawalin abin da za a mayar maka idan ka fasa a shekara ta ɗaya, ta uku da ta biyar. Ya kuma bambance maka adadin da kamfani ya lamunce da wanda hasashe ne kawai, domin garaɓasa galibi ba tabbas ba ce.

Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar inshora ta NAICOM, mai juya jarin kuma yana da rajista da hukumar SEC. Idan kai ma'aikaci ne, duba wurin aikinka tukuna: dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata da ta shafa su yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai ta aƙalla ninki uku na albashinsa na shekara. Sai dai wannan kariyar takan ƙare ranar da ka bar aikin.