Raguwar Darajar Kadara: Hanyoyi Biyu na Lissafi



A ƙaddara wani mutum a Ƙofar Doka, cikin birnin Zariya, ya sayi injin niƙa a kan naira 800,000. Yana sa ran injin zai yi masa aiki shekara huɗu, sa'an nan ya sayar da ƙarafan a kan naira 50,000. Ke nan naira 750,000 ce za ta narke cikin aiki. Tambayar akanta ita ce, nawa za a ɗora wa kowace shekara kafin a ce an ci riba?

Hanya ta farko rabon daidai ce. A raba 750,000 gida huɗu, kowace shekara ta ɗauki 187,500, shi ke nan.

Hanya ta biyu kuwa, ana cire wani kaso ne daga abin da ya rage a littafi, ba daga kuɗin saye ba. In muka ɗauki kashi 50 cikin ɗari, shekarar farko za a cire 400,000, saura 400,000. Ta biyu 200,000, ta uku 100,000, ta huɗu 50,000, a tsaya a kan 50,000 ɗin da muka ambata. Nan ne ɗalibai sukan yi tuntuɓe, su riƙa cire kason daga 800,000 kullum. Alamarsa, cikin shekara biyu injin ya zama ba shi da ko kwabo, alhali yana nan yana niƙa.

Ku lura, jimillar ɗaya ce, lokacin ne ya bambanta. Ni dai ga injin irin wannan na fi karkata ga ta biyu, domin yana sabo ba ya cin gyara, in ya tsufa kuwa kullum sai an kira makanike. Cirewa mai yawa da fari, gyara mai yawa daga baya, sai nauyin shekarun ya kusanci juna. Gini ko teburin ofis, rabon daidai ya wadatar.

To, mene ne ainihin abin da ake cirewa? Ba farashin kasuwa ba ne. Bayan faɗuwar naira a 2023, tsofaffin injuna da yawa sun fi kuɗin da aka saye su tsada, amma lissafin bai tsaya ba, don kuɗin da aka riga aka kashe ake rabawa bisa shekarun amfani. Kuma ba ajiya ba ce. Rubuta 187,500 a littafi ba ya sa ko sisi a asusu. Abin da yake yi kawai, ya hana mai injin ɗaukar uwar kuɗi a matsayin riba ya cinye. Ma'aikata su kula da wannan, domin tun 2016 Gwamnatin Tarayya ta koma tsarin IPSAS mai lissafa raguwar darajar motoci da gine-gine, amma kuɗin sayen sabuwar mota sai an sa shi dabam cikin kasafi.