Ɗalibi ya canza fannin karatu: yaya zai sanar da ANAB don kada bursi ta tsaya?

Jama'ar Sarkin Yamma da ƴan'uwa mazauna waje, ga wata magana da ke tasowa duk farkon shekarar karatu: yaro ya canza fanni a jami'a, shin bursinsa na nan?

Abin da za mu fara ganewa shi ne, ana ba da bursi ne a kan karatu takamaimai, a makaranta takamaimai, na wasu shekaru ƙidayayyu. In ɗalibi ya koma wani fanni bai faɗa ba, abin da ke rubuce a hukumar ANAB ta Yamai ya saɓa da rajistarsa ta jami'a kenan. Daga nan biya na iya tsayawa.

Mu ɗauki misali. Yarinya ta yi shekara guda a tsangayar kimiyya ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, sai ta koma tsangayar aikin gona. Da zarar sabuwar rajista ta fito, ta rubuta imel, kada ta jira sai kuɗi sun daina zuwa. Da Faransanci aka saba irin wannan wasiƙa, kuma kan saƙon ya faɗi buƙata kai tsaye:

```
Objet : Changement de filière et demande de maintien de bourse
```

A ciki, ta sa cikakken sunanta kamar yadda yake a takardar haihuwa, da shekarar da ta ci bak, da lambar da ke kan takardun bursinta. Sannan ta faɗi fannin da ta bari, da wanda ta shiga, da ajin da aka sa ta. Dalili layi biyu ya isa. Ta haɗa da hoton sabuwar takardar rajista, da takardar makin bara, da shaidar cewa jami'a ta yarda da canjin.

To, ga inda gizo ke saƙa. Lisans shekara 3 ce. In an mai da ita aji na farko, karatunta ya zama shekara 4 kenan. Don haka ta tambaya a fili: shekarar da ta wuce za a ƙidaya ta cikin bursin? Amsar ita za ta nuna wa iyaye ko su fara tanadin shekarar ƙarshe tun yanzu.

Roƙo ne take yi, hukuma ce ke yanke hukunci, kuma shiru ba amincewa ba ne. Ta ajiye kwafin saƙon da ranar da ta tura. In an yi mako biyu ba amsa, ta sake turawa, ta kuma je ofishin rajista na jami'a ta tambayi yadda ake kai takardun da hannu.

Ku kuma ƴan'uwa na waje, ku taimaka da gyaran rubutu, amma saƙon ya fita daga adireshin ɗalibar, don can amsa za ta komo.