Haƙori Ɗaya, Fassara Barkatai: Saɓanin Littattafan Mafarki

Littafin fassarar mafarki jeri ne na abubuwan da ake gani cikin barci, kowane abu da ma'anar da aka liƙa masa. Wanda ya buɗe biyu ko uku a kan mafarki guda zai tarar bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma mafarkin faɗuwar haƙori ya isa ya nuna dalili.

Artemidorus, wani Bagirke da ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ɗauki baki a matsayin gida, haƙora kuma mutanen gidan. A wurinsa haƙoran dama maza ne, na hagu mata, na sama manya, na ƙasa ƙanana. Littafin da ake jingina wa Muhammad Ibn Sirin, wanda shi ne aka fi sani a ƙasar Hausa, ya yarda cewa haƙora dangi ne, amma rabonsa daban: na sama maza, na ƙasa mata. Ke nan wanda ya ga haƙorinsa na sama ta hagu ya fita, littafi ɗaya zai sa shi fargabar rasa wata babbar mace a gidansu, ɗayan kuma ya nuna masa namiji. Da Sigmund Freud ya fitar da nasa littafin a 1900, sai ya bar dangi gaba ɗaya ya danganta mafarkin da sha'awar da mutum ke dannewa. Kowanne ya zuba tunanin zamaninsa ne a cikin bakin mai barci.

Wani ɓangaren saɓanin daga tarihin littattafan kansu ya fito. Ibn Sirin ya rasu a Basra a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma masu bincike da yawa sun nuna cewa littafin da ke ɗauke da sunansa an harhaɗa shi ne ƙarnuka bayan rasuwarsa, daga maganganun marubuta daban-daban. An kuma fassara littafin Artemidorus zuwa Larabci a ƙarni na 9, wasu ra'ayoyinsa suka shiga rubuce-rubucen da suka biyo baya. Shi ya sa a ƙarƙashin haƙori kaɗai za a ga mutuwar ɗan'uwa, da tsawon rai, da biyan bashi, duk a shafi guda.

Harshe ma na da hannu. Fassara da dama an gina su ne a kan kamannin sauti. A al'adar Sin, ganin akwatin gawa a mafarki alheri ne, domin sunansa ya yi kama da kalmomin muƙami da dukiya. Da zarar an juya wannan zuwa Hausa dalilin ya ɓace, sai hukuncin ya rage tsirara, mai karatu kuwa ba shi da hanyar gane inda ya samo asali.

Abin mamaki shi ne, tsofaffin masu fassarar ba su yarda da ma'ana tsayayya ba. Artemidorus yana son a fara sanin sana'ar mai mafarkin, da shekarunsa, da lafiyarsa, da al'adar garinsu. A wurinsa zubewar haƙora ga mai bashi biya ne, ga bawa kuma 'yanci. An ruwaito cewa mutum biyu sun zo wa Ibn Sirin, kowanne ya yi mafarkin yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi aikin Hajji, na biyu kuma za a kama shi da sata, domin ya duba halinsu: na farko ya kawo masa kiran da ke cikin Suratul Hajji, na biyu shelar da aka yi wa ayari a Suratu Yusuf. Littafin da aka tsara bisa haruffa, irin na Abdulgani al-Nabulusi wanda ya rasu a 1731, yana sauƙaƙa nema, amma mai karatu yakan tsinci kalmar kawai ya tsallake sharuɗɗan da ke tare da ita.

Raunin da ya fi girma shi ne ma'anar ba ta gwaduwa. Idan haƙori na nufin mutuwa, ko tsawon rai, ko kuɗi, to duk abin da ya faru ya dace da ɗaya daga ciki. A babban dangi kuwa da wuya shekara ta wuce ba a yi rashi ba. Mafarkin da ya yi daidai shi ake tunawa ana bayar da labari, waɗanda suka kuskure a manta da su.

Inda aka gwada, sakamakon bai bi littattafan ba. A 2018 masu bincike a Jami'ar Ben-Gurion sun tambayi ɗalibai 210, suka gano cewa mafarkin haƙora yana tafiya ne da jin ɗaurewar haƙora ko muƙamuƙi lokacin farkawa, ba da damuwar zuciya ba. Binciken ƙarami ne, kuma ya dogara ga abin da ɗaliban suka faɗa da bakinsu, don haka alaƙa kawai ya nuna, bai tabbatar da sanadi ba.